Zane ya yi kore, amma da na canza awo ramuka sun fice daga faranti

Ɗan Dakata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman mai gane FreeCAD ya duba min wani abu. Farantin ƙarfe nake zanawa wanda moto zai zauna a kai, na injin markaɗe. Moton firam 100L ne, ramukan ƙafarsa 160 da 140 tsakiya zuwa tsakiya, faɗin rami 12. Na yi farantin 200 da 180, na ɗaure kusurwar ƙasa ta hagu a cibiyar zane, kowane rami na ba shi milimita 20 daga gefe biyu da ke kusa da shi. Zane ya yi kore shar, ya rubuta `Fully constrained`. Yanzu mai aikin ya ce ƙaramin moto zai saka, firam 80, ramukansa 125 da 100. Na mayar da farantin 165 da 140, sai ramukan sama da na dama suka koma waje, suna rataye a iska. Abin da ya ɗaure min kai, har yanzu kore ne, bai ce akwai matsala ba.

Na Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ba ka ɗaure shi sosai ba ne. Ni a SolidWorks idan na gama zane sai in zaɓe komai in danna `Fix`, ya koma baƙi gaba ɗaya, babu abin da ya isa ya motsa. A naku ma akwai irinsa, `Block` ake ce masa. Saka shi ka huta.

Ɗan Dakata:
Yallaɓai ai so nake ya motsa. In na kulle ramukan, yaya za su bi sabon awo?

Na Ƙofar Ruwa:
Sai ka cire makullin ka gyara ka mayar.

Baba Injiniya:
Na Ƙofar Ruwa, in haka za a yi gara a koma takarda da fensir. `Fix` kulle abu kawai yake yi, ba ya gaya wa manhaja dalilin da ya sa abu yake inda yake. Yana da amfani idan ka shigo da zanen wani kana so ya tsaya cak ka yi aiki a kansa, amma ba a nan ba.

Ɗan Dakata, manhajar ba ta yi maka ƙarya ba. Ɗauki abin awo ka auna daga ramin da ya fice zuwa gefen faranti, za ka ga 20 cif. Kai ka ce mata rami ya zauna milimita 20 daga layi, ba ka ce ta wane ɓangaren layin ba. Awo daga ɗigo zuwa layi yana da amsa biyu, ciki da waje, kuma duka biyun daidai ne a lissafi.

Duba lambobinka. Ramin sama yana kan 160 daga ƙasa, gefen sama yana kan 180. Ka sauko da gefen zuwa 140. Yanzu wuraren da suka cika sharaɗinka su ne 120 da 160. To ramin yana kan 160 tun asali, ko gezau ba sai ya yi ba sharaɗi ya cika. Ta dama ma kusan haka ne: rami yana kan 180, gefe ya dawo 165, amsoshin su ne 145 da 185. Daga 180 zuwa 185 taku biyar ne, zuwa 145 kuwa talatin da biyar. Manhajar ba daga farko take sake zana abin ba, daga inda abubuwa suke take fara lalube har ta sami wurin da duk sharuɗɗa suka cika, ta tsaya nan.

Ɗan Dakata:
Ikon Allah. Na auna, 20 ne. To Baba koren me yake nufi ke nan?

Baba Injiniya:
Yana nufin a wannan zaman da zanen yake, babu abin da za ka ja da maus ya biyo ka. Iyakarsa ke nan. Bai yi maka alkawarin cewa babu wani zaman dabam da zai cika awon ba.

Ɗalibin Poli:
Baba na gwada yanzu a kwamfutata, na zana kamar yadda ya faɗa, na canza 180 zuwa 140 kuma ramin ya bi daidai, bai fice ba. Ko nasa ne ya lalace?

Baba Injiniya:
Da wane awo ka ɗaure ramin?

Ɗalibin Poli:
Na zaɓi tsakiyar rami da ɗigon kusurwa, na saka awon tsaye, sannan na kwance.

Baba Injiniya:
Shi ya sa. Ba abu ɗaya kuka yi ba. A FreeCAD awon kwance da na tsaye tsakanin ɗigo biyu suna riƙe da alama, wato sun san wane ɗigo ne a hagu, wane ne a dama, don a ciki ana debe matsayin ɗaya daga na ɗayan ne. Awon ɗigo zuwa layi, da awon kai tsaye tsakanin ɗigo biyu, tsawo kawai suka sani. Ɗan Dakata ya zaɓi tsakiyar rami da layin gefe, kai ka zaɓi ɗigo da ɗigo. A allo duka 20 ake gani.

Kuma ko da irin nasa ka yi, ba kullum yake juyewa ba. Wani lokaci ya dace da amsar da kake so, wani lokaci a'a, ya danganta da girman tsallen da yawan abin da ke cikin zanen. Wannan ne ma ya sa abin ke da haɗari.

Mai AutoCAD:
Ni ban ga abin wahala ba. Ka zaɓi komai ka buga `SCALE`, ka raba 165 da 200 ka saka abin da ya fito. Minti ɗaya.

Anti Mai Leza:
Ƙanena kada ka kai shi ka baro. 165 bisa 200 ya ba da 0.825. In ka rage komai da haka, tsayin zai zama 148.5 maimakon 140, rami ya koma 9.9, tazarar ramuka ta zama 132 ba 125 ba. Moton ba zai zauna ba. Irin waɗannan fayilolin suna zuwar mana shago nan Sharada, mu kuma abin da aka turo shi muke yankawa, injin ba ya tambaya. Sai an je ɗaurawa a dawo ana cewa mu muka ɓata ƙarfe.

Mai AutoCAD:
To `STRETCH` fa, ka kama gefen tare da ramukan ka ja.

Anti Mai Leza:
Wannan zai yi, amma da hannu kake lissafin kowane ja. Shi so yake ya buga lamba ɗaya komai ya bi.

Na Ƙofar Ruwa:
Akwai wata dabara da na sani. Kada ka yi tsalle ɗaya. Daga 180 ka sauko 170, 160, 150, 140. Ba ya juyewa in ka bi shi a hankali.

Baba Injiniya:
Nan ka yi gaskiya, kuma dalilin a fili yake: muddin takun bai kai 20 ɗin ba, gefen ba ya tsallake ramin, amsar ciki ce ta fi kusa kullum. Da shi ake ceto zanen da aka gada. Amma wanda ka tura wa fayil ɗin bai san sharaɗin ba, zai buga 140 kai tsaye.

Ni tambayata ga Ɗan Dakata dabam ce. A farantin nan, wane awo ne ba naka ba?

Ɗan Dakata:
Ban gane ba Baba.

Baba Injiniya:
Wane awo ne in ka kuskure shi da milimita uku aikin ya lalace, wane ne ko ka kuskure da goma babu wanda zai kula?

Ɗan Dakata:
Tazarar ramuka ce ba ta ɗaukar kuskure. Gefen faranti ko ya ƙaru ba komai.

Baba Injiniya:
Madalla. To a zanenka 160 da 140 ba su bayyana ko'ina ba. Ka ɗaure ramuka a jikin gefe, kana lissafi a ka cewa 200 a debe 40 ya ba da 160. Ka mayar da bawa ubangida. Tazarar ramuka ta moton ce, tana rubuce a takardarsa, ita za ka buga, faranti ya biyo ta.

Ga yadda zan zana shi, kuma ka riƙa kallon lambar da ke gefen allo, wadda take cewa `Under-constrained` da adadin motsin da ya rage.

Fara da murabba'in waje. Layi ɗaya yana da motsi 4, don kowane bakinsa na iya tafiya kwance da tsaye. Layi huɗu 16 ke nan. Haɗa kusurwa huɗu ya cinye 8, layuka biyu kwance biyu tsaye sun cinye 4, saura 4. Kayan zana murabba'i yana saka waɗannan da kansa, shi ya sa kana gamawa za ka ga 4. Huɗun nan su ne faɗi, tsayi, da matsayinsa hagu-dama da sama-ƙasa.

Kada ka ɗaure kusurwa a cibiya. Zaɓi kusurwar ƙasa ta hagu, da ta sama ta dama, da ɗigon cibiya, ka saka `Symmetric`. Ya cinye 2, kuma daga yanzu faranti zai riƙa buɗewa da tsukewa daga tsakiya, ta kowane ɓangare daidai. Faɗi da tsayi su cinye sauran biyun.

Sai ka zana murabba'i na biyu a ciki, ka mayar da shi layin taimako, wanda ba ya shiga cikin ƙarfen. Shi ma ya zo da 4. `Symmetric` a kan cibiya, awon kwance 160, awon tsaye 140, ya ƙare. Ramuka huɗu kowanne motsi 3, biyu na tsakiya ɗaya na girma, 12 ke nan. Ɗora tsakiyar kowanne a kusurwar murabba'in taimako da `Coincident`, 8 sun tafi. Zaɓe su duka ka saka `Equal`, 3 sun tafi. Faɗin rami ɗaya, 12, ya cinye na ƙarshe.

Ƙirga lambobin da ke zanen yanzu: biyar ne. A naka na farko, in kowane rami da awonsa uku, goma sha huɗu ne. Kuma babu awo ko ɗaya daga rami zuwa gefe, don haka babu abin da zai juye.

Ɗan Dakata:
Na bi har wajen `Symmetric`, sai ya yi min ruwan lemo ya rubuta `Redundant constraints`. Ni kusurwa biyu na sama na zaɓa da layin tsaye na tsakiya, na ga kamar duk ɗaya ne.

Ɗalibin Poli:
Wannan na san shi. In ɗigo biyu suna kallon juna ta layin tsaye, dole layin da ya haɗa su ya kwanta. To murabba'in ya riga ya saka wa layin `Horizontal`, ka faɗi magana ɗaya sau biyu. Ko ka goge `Horizontal` ɗin, ko ka yi yadda Baba ya ce da kusurwoyin da ke gicciye da ɗigon cibiya.

Baba Injiniya:
Haka ne ɗana. In ka danna lambar da ya nuna a saƙon, zai zaɓo maka ɗaurin da ya maimaitu. Sai dai kada ka goge duk abin da ya nuna ido rufe, wani lokaci wanda kake bukata yake nunawa, abokin maimaicinsa ne ya kamata ya tafi. Kuma ka bambanta shi da wanda yake cewa ɗauri sun yi karo: maimaici magana ɗaya ce sau biyu, karo kuwa magana biyu ne da ba za su taɓa haɗuwa ba, kamar ka ce faɗi 200, ka kuma ce 20 da 160 da 30.

Ɗan Dakata:
Ya yi kore. Amma yanzu lamba huɗu zan canza duk lokacin da moto ya canza, har da girman rami biyar.

Baba Injiniya:
Saura mataki ɗaya. Buɗe `Spreadsheet`, ka rubuta lambobin moton da gefen da kake so, ka ba kowane gida suna. A awon faɗin faranti, danna ɗan alamar lissafi da ke cikin akwatin ka rubuta:

```
Spreadsheet.tazaraA + 2 * Spreadsheet.gefe
```

Na tsayi kuma:

```
Spreadsheet.tazaraB + 2 * Spreadsheet.gefe
```

Murabba'in taimako ya ɗauki `tazaraA` da `tazaraB` kai tsaye, rami ya ɗauki nasa. Kada ka sa wa gida suna `A` ko `K` zalla duk da haka suke a takardar moto, zai ƙi karɓa don a wurinsa sunayen ma'auni ne. Kuma ka rubuta lambobin da ma'auninsu, `160 mm`, dukkansu, don in ka haɗa mai ma'auni da marar ma'auni a lissafi ɗaya zai yi ƙorafi. Ka buga `125 mm`, `100 mm`, `10 mm`, faranti ya zama 165 da 140 da kansa.

Na Ƙofar Ruwa:
Baba da girmanka, ni ban yarda a cusa ramuka cikin zane ɗaya da faranti ba. Mu yadda muka koya, faranti zanensa dabam, a ba shi kauri, sannan rami ɗaya a zane na biyu, a maimaita shi da `Linear Pattern` ko `Mirror`. Ƙaramin zane ba ya rikicewa. Haka kusurwoyi, ba a lanƙwasa su a cikin zane, sai daga baya da `Fillet`.

Baba Injiniya:
Maganar lanƙwasa kusurwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Kowane baka yana kawo motsi 5, yana kuma cinye ɗigon kusurwar da ka ɗaura `Symmetric` a kai. Raba zane ma ba laifi ba ne. Sharaɗina ɗaya: zane na biyu ya zauna a kan shimfiɗar asali ya auna daga cibiya, kada ya jingina da gefen ƙarfen da aka riga aka fitar. In ya jingina da gefe, ka dawo gidan jiya, ƙari da cewa lambar gefen tana iya canzawa in an taɓa abin da ke sama. FreeCAD 1.0 da ta fito a 2024 ta rage wannan matsalar sosai, amma ni har yanzu ba na jingina da gefe in akwai cibiya.

Anti Mai Leza:
Ni kuwa na fi son zane ɗaya in abin yanka ne a shimfiɗe. Abin da nake bukata DXF ne, zane ɗaya ka fitar ka turo, an gama. Masu rarrabawa su ne ke turo min faranti babu ramuka.

Na Ƙofar Ruwa:
Anti ai daga fuskar ƙarfen ake fitar da DXF, ba daga zanen ba. Komai na ciki.

Anti Mai Leza:
Wanda ya sani ke nan. Ka zo ka zauna a shago kwana biyu ka ga abin da ake turowa.

Mai Walda na Bompai:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Duk wannan magana ta ramuka zagayayyu, ni ban taɓa ɗaura moton markaɗe a kan rami zagayayye ba. Bel yana saki, dole a ja moto baya a ɗaure. Dogon rami ake yi. Na taɓa sa wani yaro ya zana min, da muka ce a rage tsawon, bakin ramin ya lanƙwashe ciki kamar an cije shi.

Baba Injiniya:
Malam ka kawo magana mai kyau, kuma ciwon ɗaya ne. Dogon rami baka biyu ne da layi biyu da suke shafar juna. Shafar ma tana da amsa biyu, bakan na iya kumbura waje ko ya lotsa ciki. Yawanci abin da ke jawo shi, an auna tsawon daga baki zuwa baki, sai aka buga lambar da ta yi kusa da faɗin ramin ko ta gaza shi. Rami mai faɗin 12 ba zai yi tsawon 10 ba, sai manhaja ta nemi wata hanyar cika umarni.

Auna daga tsakiyar baka zuwa tsakiyar baka da awon kwance, ka kira shi `tafiya`, tunda shi ne ainihin nisan da moto zai iya ja. Ka sa kusurwar murabba'in taimako ta zama tsakiyar waɗannan ɗigo biyu da `Symmetric`. Faɗin faranti sai ya koma:

```
Spreadsheet.tazaraA + Spreadsheet.tafiya + 2 * Spreadsheet.gefe
```

Da tafiya 30, firam 100L zai ba da 230, firam 80 ya ba da 195.

Amma akwai iyaka biyu da kore ba zai gaya maka ba. In ka sa tafiya sifili, layukan gefen ramin ba su da tsawo, zane zai ƙi. In kuma tafiya da faɗin rami a haɗe suka kai `tazaraA`, ramin hagu da na dama sun shiga juna. Ɗaurin duk sun cika, zane na nan kore, sai wajen ba shi kauri abin ya ƙi fita ko ya fito a karkace.

Ɗalibin Poli:
Ba za a iya sa `max` a lissafin ba, ya hana lambar sauka ƙasa da iyaka?

Baba Injiniya:
Ana iyawa. Ni ba na so, don mutum zai buga 0 ya sami 5 bai san dalili ba. Na fi son in rubuta iyakar a gidan da ke kusa da lambar, mai canzawa ya gani. Wasu sun fi son `max` ɗin, ban ce sun yi laifi ba.

Ɗan Dakata:
Na sake zanawa da dogayen ramuka. Na buga na firam 80 kai tsaye, ya bi. Yaya zan tabbatar ba sa'a na ci ba kamar yadda kuka ce?

Baba Injiniya:
Ajiye fayil tukuna. Sannan ka yi masa tsallen da ya fi wanda zai taɓa gani a aiki. Buga na firam 71, wato 112 da 90, rami 7. Daga nan kai tsaye ka haye firam 132M, 216 da 178, rami 12. Ka dawo 71 ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Kowane karo ka buɗe zanen ka kalle shi da ido. Ka kuma saka awon dubawa guda ɗaya, irin shuɗin nan da ba ya tuƙa komai, a kwance daga tsakiyar bakan waje zuwa kusurwar faranti. Ya riƙa nuna 20 kullum. Ran da ya nuna wani abu dabam, wani ɗauri ya kwance.

Ɗan Dakata:
Daga 71 zuwa 132M ya wuce lafiya. Da na dawo 71, uku sun zauna daidai, na ƙasa ta hagu ya ɗan karkace, kuma yanzu yana cewa saura motsi 1.

Ɗalibin Poli:
Danna lambar 1 ɗin, zai haska abin da bai ɗauru ba. Ina zargin `Horizontal` na wannan ramin ka goge ɗazu wajen cire maimaici.

Anti Mai Leza:
In ya gyaru ka turo kafin la'asar, ka faɗi kaurin ƙarfen, 6 ko 8. Kuma ka tambayi mai aikin ko wane moton ya saya a ƙarshe, ka auna ƙafarsa da kanka, don na kasuwa da aka sake naɗawa ba duka ke bin takarda ba.